Ɗahiru, Dahiru, Tahir: yadda suna ɗaya ke rarrabuwa a takarda

A Zariya aka yi mafi yawan aikin daidaita rubutun boko, amma ko sunan garin bai tsaya a kan rubutu ɗaya ba. Allunan hanya da takardun gwamnati suna ɗauke da Zaria, littattafan Hausa kuma suna rubuta Zariya. Haka unguwanni suke: abin da baki ke kira Ƙofar Doka, Cikaji da Muciya, a jikin allo za ka gan shi Kofar Doka, Chikaji da Muchia. Babbar jami'ar garin, wadda aka buɗe a 1962, tana ɗauke da sunan Ahmadu Bello, Sarkin Zazzau da ya hau karaga a 2020 kuwa ana rubuta sunansa Ahmed Nuhu Bamalli. Ahmadu da Ahmed suna ɗaya ne, gari ɗaya, kuma babu wanda zai ce ɗayansu bai san sunansa ba.

Mutane kan ɗora laifin wannan a kan sakacin akawu ko ƙarancin karatun mai suna. Akwai sakaci, ba a musu. Sai dai ko da kowane akawu ya natsu, sunan zai ci gaba da fitowa iri-iri, domin sunan Bahaushe yana bi ta hannu uku kafin ya zauna a takarda: bakin mutanen gida, allon malam, da alƙalamin ofis. Kowanne yana da ƙa'idarsa, kuma kowanne yana bin ta daidai. Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne cewa bambancin iri biyu ne. Akwai wanda ya faru tun a baki, kafin a ɗauki alƙalami. Akwai kuma wanda alƙalami kaɗai ya haifar, baki bai san da shi ba. Wanda bai raba waɗannan biyu ba zai yi ta gyaran abin da ba kuskure ba ne, ya bar kuskuren gaske a zaune.

Mu ɗauki misalin yaro da aka haifa a Kwarbai, cikin birni. Ranar suna liman ya raɗa masa Ɗahiru, mahaifinsa kuma Shu'aibu. A wannan rana ba a rubuta komai ba. An yi addu'a, an raba goro, sanƙira ya faɗi sunan da ƙarfi, mata suka ji daga cikin gida. Shekara biyar ko shida sunan yana yawo a baki kawai, kuma a baki babu wata gardama a kansa.

Asalin sunan Larabci ne, ma'anarsa mai tsarki. Harafinsa na farko shi ne wanda Balarabe ke furtawa kamar t mai kauri, sautin da babu shi a Hausa. Da Hausawa suka karɓi karatu, sai suka ba wannan harafi sautin da ya fi kusa da shi a bakinsu, wato ɗ. Shi ya sa muke cewa ɗalibi, ɗahara, ɗabi'a da sharaɗi, shi ya sa kuma ake jin Faɗimatu da Musɗafa a bakin dattawa. Wasalin u na ƙarshe shi ma yana da tushe biyu da suka haɗu. A nahawun Larabci suna yakan ƙare da rufu'a idan shi ne mai aiki a jimla, Hausa kuma tana son kalma ta ƙare da wasali. Daga nan aka sami Ɗahiru, Shu'aibu, Aliyu, Umaru, Nuhu. A sunayen mata, t ɗin da ke ɓoye a ƙarshe ta fito fili tare da wannan u, aka sami Aminatu, Hadizatu, Safiyatu.

Da yaron ya shiga makarantar allo, malam zai rubuta sunansa da ajami yadda yake a Larabci, ya kuma karanta shi Ɗahiru, domin wannan harafin shi ne ajamin Hausa ke amfani da shi wajen rubuta ɗ. Balarabe zai dubi rubutun nan ya karanta da t mai kauri, Bazazzagi ya karanta da ɗ, rubutun kuwa bai motsa ba. Ajami yana rufe wannan saɓani. Boko ne ke tilasta wa mai rubutu ya zaɓi ɓangare, domin dole ya sa ko dai ɗ ko t.

Ba wannan harafi kaɗai ba ne. Wanda almajirai ke kira lodi ya zama l a Hausa, shi ya sa muke da alƙali da alwala, muke da Murtala da Rilwanu da Ramalan, alhali mai bin Larabci zai rubuta Murtada, Ridwan, Ramadan. Harafin da ke fitowa daga maƙogwaro, wanda Turawa ke rubutawa kh, ya zama h: Halidu da Khalid, Halilu da Khalil, Hadiza da Khadija. Wanda suke rubutawa q ya zama ƙ: Abdulƙadir, Ruƙayya, Bilƙisu. Wanda suke rubutawa th ya zama s a sunaye: Usman da Uthman, Sani da Thani. Waɗannan ba ɓacin baki ba ne. Tsari ne mai dokar da ba ta canzawa daga kalma zuwa kalma, kuma ya yi ɗaruruwan shekaru a harshen.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne yawaitar makarantun Islamiyya da karatun tajwidi, da zuwa ƙasashen Larabawa karatu. Yara da yawa sun tashi suna furta haruffan Larabci daga mafitarsu, sai wasu suka fara ganin Ɗahiru tsohon yayi ne, Tahir ne daidai. Iyaye kuma suka fara raɗa Khadija da Ridwan kai tsaye, suna kiran yaran da haka a gida. Saboda haka a yau Ɗahiru da Tahir sunaye biyu ne a baki, duk da tushensu ɗaya. A gida guda za a iya samun kaka Hadiza da jikarta Khadija, kuma kowa ya san wadda ake kira. Wannan shi ne bambanci na farko, wanda ya riga alƙalami.

Alƙalamin ofis kuwa da Turanci ya fara. Matafiya Turawa sun rubuta sunayen garuruwanmu yadda kunnensu ya ji, da ƙa'idar harshensu. Hugh Clapperton, wanda ya ratsa ƙasar nan a shekarun 1820, ya rubuta Sakkwato Sackatoo, Katsina kuma Kashna. Da Ingilishi suka kama Zariya a 1902, taswira da rajistar haraji da takardun kotu duk aka fara su da wannan kunne. Turanci yana da nasa tsofaffin hanyoyin rubuta sunayen Musulmi tun kafin ya zo nan, waɗanda ya ɗebo daga wasu ƙasashe. Daga can Mohammed da Ahmed suka zo da o da e ɗinsu, daga can ph ta shiga Mustapha. Sautin c kuma Turanci da ch yake rubuta shi, shi ya sa Bauci ta zama Bauchi, Kaciya ta zama Kachia. Haka y da w da ke tsakanin wasula biyu suka faɗi, Zariya ta zama Zaria, Funtuwa ta zama Funtua.

Ƙa'idar Hausa daga baya ta zo. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutun boko a 1912. A shekarun 1930 Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi, tana aiki a Zariya ƙarƙashin Rupert East, kuma a wannan zamani ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka maye gurbin tsohuwar dabarar ɗiga ɗigo ko sa alama kusa da harafi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita, ta kai wannan rubutu lungu-lungu. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, Hukumar Harshen Hausa a 1955, sannan aka yi taron Bamako a 1966 don daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma. Aiki ne mai kyau, kuma ya kama: duk wanda ya yi karatun Hausa a yau ya san yadda ake rubuta ƙasa da ɗaki da ɓera.

To me ya hana shi kama sunaye? Ƙa'idar an yi ta ne domin rubutun Hausa, wato littafi da jarida da darasin aji. Rajistar makaranta, takardar ɗaukar aiki, katin asibiti da takardar shaidar jarrabawa kuwa da Turanci ake cika su. Akawun da ya iya rubuta Hausa sarai, idan ya zauna gaban takardar Turanci, hannunsa kan koma ƙa'idar Turanci. Ga kuma tafireta, wadda yawancin ofisoshi suka yi shekaru suna aiki da ita ba ta da lanƙwasa ko ɗaya. Dalili na uku ya fi waɗannan ƙarfi. Kalma ta kowa ce, hukuma na iya yanke mata hukunci. Suna kuwa na mai shi ne, kuma da zarar ya hau takardar shaida, babu malamin Hausa da ke da ikon taɓa shi.

Mu koma ga yaronmu. Ranar da aka kai shi firamare, yayansa ne ya raka shi. Malam ya tambayi suna, aka faɗa, ya rubuta Dahiru Shuaibu. Abubuwa biyu suka faɗi a wannan layi, kuma daga nan ne duk sauran takardu za su yi gado. Na farko lanƙwasar ɗ. Asararta ba ta cika rikita Bahaushe ba, domin idan ya ga Dahiru ko Danladi ko Kofar Gayan, bakinsa zai mayar da lanƙwasar da kansa. Wanda ba Bahaushe ba ne zai karanta d zalla, idan kuma yaron ya yi karatu ko aiki a inda haka ake kiransa, wata rana shi ma zai fara gabatar da kansa da d.

Abu na biyu da ya faɗi shi ne alamar ɗauri, wannan 'yar waƙafi ta sama da ke cikin Shu'aibu, kuma asararta ta fi ta lanƙwasa illa. Larabci yana da haruffa biyu, ain da hamza, waɗanda a bakin Bahaushe duk suka zama abu ɗaya: ɗan tsayawar numfashi a maƙogwaro, kamar a sa'a ko jama'a. Ƙa'idar boko ta ce ba a rubuta wannan sauti a farkon kalma, sai a tsakiya. Shi ya sa Ali, Umar, Usman da Isa ba su da alama ko da yake da ain suke farawa. A sunan A'isha kuwa ain ɗin farko ba a rubuta shi ba, alamar da ake gani ta hamzar tsakiya ce. Wannan alama baƙi ce cikakkiya, daidai da b ko k, tana raba gaɓa da gaɓa. Shu'aibu gaɓa uku ce: shu, 'ai, bu. Idan aka cire ta, wasula uku suka jeru, u da a da i, abin da Hausa ba ta yarda da shi ba. Mai karatu zai nemi mafita. Wani ya haɗiye u ya ce Shaibu, wanda dama haka ake furta shi a wasu yankuna, wani ya cusa w ya rubuta Shuwaibu.

Haka abin yake a sauran sunaye masu wannan alama. Sa'idu gaɓa uku ce, amma Saidu ana iya karanta shi gaɓa biyu, domin ai a Hausa tagwan wasali ne kamar a aiki. Sa'adu ya zama Saadu, wani ya ga a biyu sun yi yawa ya bar Sadu. Sarkin Zazzau Ja'afaru, wanda ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, ana samun sunansa Ja'afaru, Jaafaru da Jafaru, masu sunansa na yau kuma wasu Ja'afar suke rubutawa, wasu Jafar. Rabi'u, Isma'ila, Asma'u, Hauwa'u da Nana A'ishatu duk wannan rami suke faɗawa. A ganina babu wata alama ɗaya da ta haifar da yawan rubutu iri-iri a sunayenmu kamar wannan.

Yaron ya shiga sakandare, yana kuma zuwa Islamiyya da yamma. A can ya koyi asalin sunansa, ya fara rubuta Tahir Shuaib a bangon littattafansa. Da lokacin rajistar jarrabawar gama sakandare ya zo, aka ba shi fom ya cika da hannunsa, ya rubuta abin da ya saba. Yanzu yana da takardar firamare mai Dahiru Shuaibu da sakamakon jarrabawa mai Tahir Shuaib. Da ya je yin katin ɗan ƙasa, mahaifinsa ne ya faɗi sunan da baki, ma'aikacin ya buga Dahiru Shaibu. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma shekaru za su iya wucewa ba a lura ba.

Da can akawu mutum ne, yana duban takardu biyu ya gane mutum ɗaya ne, ya sa hannu. Yanzu kwamfuta ce ke gwada su, ita kuwa harafi da harafi take bi. An fara lambar BVN ta banki a 2014, kuma daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN ta katin ɗan ƙasa kafin rajista, don haka takardun da a da kowacce ke zaune a ofishinta yanzu ana jera su a kwatanta. A wurin kwamfuta D da Ɗ ba 'yan uwa ba ne. Kowanne yana da lambarsa daban a tsarin Unicode: D ita ce `U+0044`, Ɗ kuma `U+018A`. Wayoyin yau suna iya buga lanƙwasa, amma fom da yawa an gina su ne su karɓi A zuwa Z kawai. Wani zai ƙi sunan, wani ya karɓa ya mayar da Ɗ alamar tambaya ko ɗan akwati. Alamar ɗauri ma haka: wasu fom suna ƙinta, ga shi kuma tana da siffa fiye da ɗaya, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, ido na ganinsu ɗaya, kwamfuta na ganinsu biyu.

Fasfo ya fi kowa tsanani. Layuka biyu na ƙasan shafin hoto, waɗanda na'ura ke karantawa, suna bin ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, wato ICAO. Ba a yarda da komai a wurin ba sai manyan haruffa A zuwa Z, lambobi, da alamar cike gurbi. Dokar ta ce a cire alamar ɗauri a haɗe abin da ke gefenta biyu. Sunan yaronmu zai fito kamar haka:

```
SHUAIBU<<DAHIRU<<<<<<<<
```

Saboda haka ko da mutum ya kiyaye Shu'aibu a duk takardunsa na gida, tikitin jirgi da bizarsa ta aikin hajji za su bi wannan layi.

Idan kuma yaron yana da ɗan uwa mai sunansa a Maraɗi, sai a ga wani salo dabam, domin alƙalamin ofis a Nijar na Faransanci ne. A can sautin u da ou ake rubuta shi, sh da ch, c da tch, j kuma sau da yawa da dj. Sunan zai fito Tahirou Chaibou ko Dahirou Chaibou. Da wannan ƙa'ida aka rubuta Mahamadou Issoufou da Mahamane Ousmane, tsofaffin shugabannin Nijar, waɗanda a nan za mu rubuta Muhammadu Yusufu da Mamman Usman ko makamancin haka, da ita kuma Tawa ta zama Tahoua. Wurin da ya fi rikitarwa shi ne ch. A takardar Nijeriya c take nufi, a ta Nijar sh. Ma'aikacin Zariya da ya ga Chaibou ko Bachir zai karanta Caibu da Bacir, alhali Shaibu da Bashir aka rubuta.

A lissafa yanzu. Sunan yaron yana da siffa shida da ake gani a takardu: Ɗahiru, Dahiru, Tahir, Tahiru, Dahirou, Tahirou. Na mahaifinsa ma shida: Shu'aibu, Shuaibu, Shu'aib, Shuaib, Shaibu, Chaibou. Shida sau shida 36 ke nan, daga sunaye biyu kacal, ba a ma sa na kaka ba.

Ta yaya mai duba takarda, ko malamin makaranta, ko mai binciken tarihi, zai gane wane irin bambanci ne a gabansa? Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a mayar da kowane rubutu zuwa baki. A fara da tambayar wane alƙalami ne ya rubuta, na Turanci, na Faransanci, ko na mai bin Larabci. Sai a warware ƙa'idarsa: ou ta koma u, ph ta koma f, a mayar da lanƙwasa da alamar ɗauri inda suka faɗi. Sannan a karanta duka biyun da murya. Idan sauti ɗaya ya fito, bambancin na alƙalami ne kawai, kamar Dahiru da Dahirou, ko Mustapha da Mustafa, ko Zainab da Zaynab. Idan sauti biyu suka fito, kamar Dahiru da Tahir, ko Shu'aibu da Shu'aib, to an shiga bambancin baki, kuma a nan rubutu ba zai raba gardama ba. Sai an tambayi mai sunan ko danginsa yadda aka raɗa, sannan a duba ranar haihuwa da sunan kaka da unguwa.

Wannan hanya tana da iyaka, kuma haɗarinta shi ne a haɗe mutane biyu. Sa'idu da Sa'adu sunaye biyu ne daban, wasali ɗaya ya raba su, kuma wa da ƙane na iya ɗauke da su a gida ɗaya. Hasan da Husaini kowa ya san ba ɗaya ba ne, amma Hamisu da Hamidu a rubutun hannu mai sauri suna iya kama da juna. Lawal, Lawan da Auwal duk daga kalmar Larabci ɗaya suke, mai nufin na farko, sai dai wanda aka san shi da Lawal ba zai waiwayo ba idan aka kira Auwal. Akwai kuma abin da ba rubutu ba ne sam, wato laƙabin da ke bin suna: Garba ko Habu ga Abubakar, Shehu ga Usman, Dije ga Hadiza, Indo ga A'isha. Idan takarda ɗaya ta ce Garba, ɗaya ta ce Abubakar, babu ƙa'idar haruffa da za ta haɗa su, sanin al'ada ne kawai.

Rabon kalma shi ma yana ƙara nasa. Sunayen da suka fara da Ɗan ko Mai ko 'Yar ana rubuta su a rabe, a haɗe, ko da karan ɗori: Ɗan Asabe, Danasabe, Dan-Asabe. Kwamfuta kan ɗauki na farko a matsayin sunaye biyu, ta jefa Dan a gurbin sunan tsakiya. Sunan gidan marigayi Shugaba Umaru Musa a Hausa 'Yar'aduwa ne, a takardun gwamnati Yar'Adua. Abdurrahman kuwa, mai bin furuci zai rubuta shi da r biyu domin l ɗin ta narke, mai bin haruffan Larabci ya rubuta Abdulrahman, wani ya raba Abdul Rahman. Ɗalibin da ke neman rubuce-rubuce a kan Shehu a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello dole ya nema da Usman dan Fodio, da Uthman, da Usmanu Danfodiyo kamar yadda jami'ar Sakkwato ke rubutawa, in ba haka ba wasu littattafan za su ɓuya masa.

Idan saɓanin ya riga ya shiga takardu, gyaransa sananne ne: rantsuwa a kotu cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne, sanarwa a jarida idan an buƙata, sannan neman gyara a kowane ofis da kuɗinsa da layinsa. Shawarata ita ce a gyara zuwa ga takardar da ta fi wuyar canzawa, wadda galibi ita ce sakamakon jarrabawa ko shaidar kammala karatu, ba zuwa ga rubutun da ya fi burge mutum ba. Yaronmu, idan sakamakonsa ya ce Tahir Shuaib, ya fi masa sauƙi ya jawo katin ɗan ƙasa da banki zuwa can, ko da a gida har abada Ɗahiru za a kira shi. Abin da ke damuna shi ne wanda wannan wahala ta fi faɗa wa: ɗalibin da lokacin rajista ke ƙure masa, da matar da mijinta ya rasu tana bin haƙƙinsa da takardu uku masu rubutu uku, alhali ba ita ta rubuta ko ɗaya ba.

Ga jariran da ake haifa yanzu, abin yana hannun iyaye. A zauna tun makon suna a yanke rubutu ɗaya na sunan yaro da na uba da na kaka, a sa shi a takardar haihuwa, a kuma riƙa miƙa shi a rubuce duk inda aka je, a daina faɗa da baki ana barin ma'aikaci ya zaɓa. A zaɓi siffar da za ta tsira idan na'ura ta cire lanƙwasa da alama, a kuma tabbatar 'ya'yan gida ɗaya suna rubuta sunan mahaifinsu iri ɗaya, domin rabon gado da neman biza kan jera takardun 'yan uwa wuri guda.

Masu rubutu da Hausa kuwa, ina ganin bai kamata mu bi na'ura ba. A cikin rubutun Hausa a mayar wa Ɗahiru lanƙwasarsa, a mayar wa Shu'aibu alamarsa, domin yaran da ke koyon karatu daga waya abin da suka gani shi za su furta. Wanda ya zaɓi Tahir ko Ahmed ko Khadija da kansa, a bar masa zaɓinsa, ba a Hausantar da sunan mutum da ƙarfi. Masu gina fom na makarantu da asibitoci a ƙasar Hausa su ma suna da abin yi, kuma ba mai tsada ba ne: gurbi biyu, ɗaya na sunan yadda yake a katin ɗan ƙasa domin kwatantawa, ɗaya na cikakken rubutun Hausa da lanƙwasa da alama, wanda malamin aji ko ma'aikaciyar jinya za ta duba idan za ta kira mutum.